Ƙugiya biyu, talla ɗaya: yadda ake gane wadda ta fi riƙe mai kallo

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi don a tura bidiyon hajarsa a Facebook ko Instagram ya san wannan damuwar. Waya za ta nuna maka cewa mutum dubu kaza sun gani, amma shiru, babu mai kira. Sau da yawa matsalar ba ta hajar ba ce, ba kuma ta farashi ba ce. Mutanen ba su tsaya sun kai wurin da aka yi bayanin hajar ba. Sun ga sakan biyu ko uku na farko, yatsa ya ja sama, sun wuce.

Waɗannan sakan ukun na farko su ne masu harkar talla ke kira ƙugiya, irin ta kamun kifi. Mu da muka tashi a kara mun san abin tun kafin zuwan waya. Mai saye ya shigo yana waige-waige, dillalai goma na kiransa, kalmar farko da ta faɗa kunnensa ita ke sa ya tsaya ko ya yi gaba. Amma tsayawa daban, zama a yi ciniki daban. Akwai dillalin da ya iya tsayar da mutum da ihu da barkwanci, sai dai kafin a kai ga taya sa, mutumin ya zame. A waya ma haka ne, kuma akwai hanyar da za ka auna da lissafi maimakon gardama. Zan bi ta da gwajin da na yi wa shanun mahaifina, wanda ke sayarwa a Kara, nan bakin gadar da ke fita daga Berger kan titin Legas zuwa Ibadan.

Abin da aka gwada

A ƙarshen watan Nuwamba muna da shanu 18 a tsaye, Bokolo da Bunaji, da aka ɗauko daga Potiskum. Disamba lokacin kasuwa ne a Legas: Kirsimeti, bukukuwan aure, da manyan tarukan binne mamaci, waɗanda Yarabawa da Ibo ke sayen sa guda saboda su. Amma kowace rana da sa ya kwana bai fita ba, dusa da harawa da ruwa da kuɗin yaran da ke kula da shi suna cin ribar. Don haka na so in san bidiyon da zan zuba wa kuɗi a Disamba tun kafin watan ya kama.

Na haɗa bidiyo ɗaya mai tsawon sakan 30. Daga sakan 3 zuwa 15 ana nuna shanun a tsaye, tozo da ƙirji da cinya. Daga 15 zuwa 25 murya na bayani da Turancin buroka cewa mai saye zai iya zuwa ya gani da idonsa kafin ya biya, kuma za a kai masa har gida. Sakan biyar na ƙarshe kira ne cewa a danna a yi mana magana ta WhatsApp. Wannan shi ne jikin tallar, kuma ban taɓa shi ba.

Sai na yi masa kai biyu. Ƙugiya ta farko, wani jan sa ne ya yi tsalle daga tirela lokacin sauke kaya, yara suka watse, ƙura ta tashi. Kowa ya gani sai ya ce a sake sa masa. Ƙugiya ta biyu ba ta da wani abin kallo. Ƙanena ne tsaye kusa da wani Bokolo don a ga tsayinsa, da rubutu ɓaro-ɓaro a fuskar waya: naira 950,000, a kai har gida a cikin Legas.

Duk wanda na nuna wa a kara, ta farkon ya zaɓa. Baba kuwa ta biyun ce ba ta kwanta masa ba sam. Ya ce, "Kai yaro, ina ka taɓa ganin an faɗi kuɗin sa kafin a taya?" Gaskiyarsa a kasuwar ido da ido. Ko haka ne a waya, wannan gwaji ne kawai zai faɗa.

Abu ɗaya kawai ake canzawa

Wannan ita ce dokar da komai ya rataya a kanta. Idan kana son sanin ko wata dusa ta fi wata sa ƙiba, ba za ka ba maraƙi ɗaya, ka ba tsohon sa ɗaya ba. Sai shanun sun zo ɗaya a shekaru da girma, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, dusar ce kaɗai ta bambanta. To haka tallar. Jikin bidiyo ɗaya, tsawo ɗaya, rubutun da ke saman bidiyo ɗaya, kuɗi ɗaya, yankin da za a nuna ɗaya, kwanaki ɗaya. Sakan ukun farko ne kawai suka bambanta. Da zarar ka canza kiɗa a ɗaya, ko ka ƙara wa ɗaya sakan biyar, in sakamako ya fito ba za ka san me ya jawo shi ba.

Mutane da yawa suna ɗauka sun yi gwaji alhali ba su yi ba. Wani zai sa ɗaya a status ranar Litinin, ɗaya ranar Juma'a, ya kwatanta yawan waɗanda suka gani. Na farko, status yawan masu buɗewa yake nuna maka, ba ya faɗa maka sakan nawa suka tsaya. Na biyu, mutanen Litinin da safe, da ke cikin cunkoson motoci suna sauri, ba su ne na Juma'a da dare ba. Wani kuma zai zuba bidiyon biyu a rukunin talla ɗaya ya bar Facebook ya raba. Shi ma bai yi ba, domin na'urarsu tana karkata kuɗin ga wanda ya fara nuna alamar nasara tun a farko-farko. Sai ka tarar ɗaya ya ci kusan duk kuɗin, ɗayan ko hanya ba a ba shi ba.

Hanyar da ta dace tana cikin Ads Manager, wato shafin da Meta ta tanada don sarrafa tallace-tallacen Facebook da Instagram. Akwai wani zaɓi a ciki mai suna A/B test. Aikinsa shi ne ya raba mutanen da ka zaɓa gida biyu kamar an yi ƙuri'a, wannan gida ya ga ƙugiya ta farko kawai, wancan ya ga ta biyu kawai. Babu wanda zai ga duka biyun, kuma kowane gida da kuɗinsa.

Ni na zaɓi mazauna Legas da garuruwan bakin iyakar Ogun irin su Ibafo da Mowe, masu shekara 28 zuwa sama. Na sa wa kowace ƙugiya naira 3,000 a rana har kwana bakwai, wato 21,000 kowacce, 42,000 gaba ɗaya, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa. Duka biyun manufa ɗaya na ba su, a samo masu turo saƙo ta WhatsApp. Wannan ma yana da muhimmanci, domin in ka ce wa na'urar ta nemo wa ɗaya masu kallon bidiyo, ɗayan masu turo saƙo, to irin mutane biyu daban za ta nemo.

Me ya sa kwana bakwai? Domin mako ya zagayo. Yadda ɗan Legas ke riƙe waya ranar aiki daban, ranar Asabar da ake biki daban, ranar Lahadi bayan coci daban. Ita ma Meta abin da take ba da shawara kenan, a bar gwaji ya kai mako. Kuma in ka tayar, ka ɗaure hannunka. Kar ka gyara rubutu, kar ka ƙara wa ɗaya kuɗi a tsakiya, domin gyara yana sa na'urar ta koma neman mutane daga farko, lissafin ya cakuɗe.

Lambobi uku da za ka duba

Ads Manager cike yake da lambobi, har kan mutum ya ɗaure. Don wannan tambayar, uku sun isa. Ka shiga Columns, sannan Customize columns, ka zaɓo su.

Ta farko ita ce Impressions, wato sau nawa tallar ta bayyana a fuskar wayar wani. Ta biyu 3-second video plays, sau nawa bidiyon ya kai sakan uku yana tafiya. Ta uku ThruPlays, sau nawa aka kai sakan 15, ko aka kalli bidiyon har ƙarshe in bai kai sakan 15 ba. Tunda nawa sakan 30 ne, wannan lambar tana nufin an kai rabinsa.

Kar ka kwatanta lambobin tsurarsu, domin ko da kuɗi ɗaya ka sa, ba lallai a nuna tallolin sau ɗaya ba. Rabawa ake yi:

```
tsayarwa = 3-second video plays ÷ Impressions × 100
riƙewa = ThruPlays ÷ 3-second video plays × 100
```

Lissafin farko yana faɗa maka, cikin kowane ɗari da tallar ta gifta musu, nawa suka dakata. Na biyun yana faɗa maka, cikin kowane ɗari da suka dakata, nawa suka zauna har sakan 15. Ɗaya ƙarfin kira ne, ɗaya ƙarfin riƙo.

Abin da ya fito

Zan ba da lambobin a dunƙule don sauƙin lissafi. Bidiyon san da ya yi tsalle ya bayyana sau 24,000. Cikinsu 8,400 sun kai sakan uku, wato 35 cikin ɗari. Bidiyon farashi ya bayyana sau 20,000, kuma 5,000 ne suka kai sakan uku, wato 25 cikin ɗari. In nan aka tsaya, 'yan kara sun yi gaskiya, tsalle ya ci.

Amma duba sakan 15. Cikin 8,400 da tsallen ya tsayar, 1,200 ne kawai suka kai can, kusan 14 cikin ɗari. Cikin 5,000 da farashi ya tsayar, 1,800 suka kai, wato 36 cikin ɗari. Ka ga ƙugiyar da ta tsayar da mutane kaɗan ita ce ta kai mutane da yawa tsakiyar tallar. Ko da an auna daga tushe ne, wato daga duk bayyanar tallar, ta tsalle ta kai mutum 5 cikin ɗari zuwa sakan 15, ta farashi ta kai 9. Wannan awon na ƙarshe shi ne alƙali in lissafin biyu suka saɓa, domin ya haɗa kira da riƙo wuri ɗaya. Da kuɗi kuwa, kowane mai kallo da ya kai rabin bidiyon ya tsaya mini naira 17 da rabi a ta farko, kusan naira 12 a ta biyu.

Na so in san a ina mutanen tsallen suka zube, sai na ƙaro wata lamba, Video plays at 25%, wadda a bidiyo mai sakan 30 take nufin wajen sakan bakwai da rabi. A nan ta tsalle ta riga ta faɗo daga 8,400 zuwa 2,200, ta farashi kuwa daga 5,000 zuwa 3,000. Wato kafin sakan takwas, kusan uku cikin kowane huɗu na masu kallon tsallen sun tafi. A daidai mahaɗa suka zube, inda ƙugiya ta ƙare jikin talla ya fara.

Dalilin a fili yake in ka sa kanka a matsayin mai kallo. Ƙugiya alkawari ce. San da ya yi tsalle ya yi wa mutum alkawarin abin dariya: zai tunkuyi wani ne, zai shiga titi ne? Sai a sakan na huɗu ya ga shanu tsaye lafiya lau suna tuƙa. An yi masa alkawarin wasa, an kawo masa kasuwa, sai ya wuce. Ita kuwa ƙugiyar farashi rariya ce. Wanda ba shi da niyyar sayen sa, yana ganin kuɗin zai wuce, kuma wucewarsa ba asara ba ce. Wanda ke da biki a gabansa kuwa, yana gani sai tambayoyi su taso masa: wannan girman a wannan kuɗin? Akwai wanda bai kai haka ba? Da gaske za a kawo gida? Amsoshin duk suna cikin sauran bidiyon, don haka ya zauna.

Akwai kuma maganar sauti. Mutane da yawa suna kallo ne waya a shiru, a cikin mota ko wurin aiki. Rubutun farashin yana isar da saƙonsa ko babu murya. In ƙugiyarka magana ce ta baki, ka rubuta ta a fuskar bidiyon, in ba haka ba gwajin zai zama tsakanin mai magana da bebe.

Yadda za ka gane ko sa'a ce kawai

Ba kowane bambanci ne abin dogaro ba. In ka jefa kwabo sau goma, yana iya faɗowa fuska ɗaya sau bakwai, ba don yana da wani sirri ba. Haka lambobin talla suke in sun yi kaɗan.

Ga misali daga wannan gwajin. Bidiyon tsalle ya kawo saƙonni 14 a WhatsApp, na farashi ya kawo 21. Zuciya za ta so ta ce na farashi ya fi kawo masu saye nesa ba kusa ba. Amma tazarar mutum bakwai ce kacal. Da mutum huɗu daga wancan gida sun faɗa wannan gida, da labari ya juya. Don haka a kan saƙonni, abin da zan iya cewa shi ne alama ce mai daɗi, ba hujja ba. Maganar riƙo kuwa daban take, domin 5 da 9 cikin ɗari daga bayyana aƙalla dubu ashirin-ashirin suka fito. Irin wannan tazarar a irin wannan yawan ba ta zuwa da sa'a.

Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka buɗe lambobin rana-rana, ta Breakdown. A nawa, kwana biyun farko lambobin suna ta hawa da sauka, daga rana ta uku zuwa ta bakwai kuwa ta farashi ce a gaba kullum wajen riƙo. In ka ga yau wannan ce a gaba, gobe waccan, har mako ya ƙare, to ƙugiyoyin kunnen doki suka yi. Wannan ma amsa ce. Tana nufin ba su bambanta sosai ba, sai ka nemo wata da ta yi hannun riga da su. Shi ya sa tun farko ake son ƙugiyoyi biyun su kasance tunani biyu ne daban, kamar tsalle da farashi. In farin rubutu da jan rubutu ka gwada, da irin ɗan kuɗinmu ba za ka ga komai ba.

A ƙarshen gwaji Meta kan sanar da wanda ya ci, tare da hasashenta na ko haka za a sake samu in an maimaita. Ka lura da ma'aunin da ta yi hukunci da shi, domin shi ne wanda ka zaɓa lokacin da kake shirya gwajin. In kuɗin kowane saƙo ka zaɓa, a kan saƙo ta yanke, ba a kan riƙo ba. Lissafin riƙon kai za ka yi da kanka.

Sannan ka karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin tallar, ba ya ƙarya. A ƙarƙashin ta tsalle dariya ce da zolaya, wani na kiran abokinsa ya zo ya gani. A ƙarƙashin ta farashi tambayoyi ne: nawa ne na ƙarshe, za a kai Ikorodu, akwai na dubu ɗari bakwai?

Iyakar abin da gwajin ya faɗa

Bai ce faɗin farashi ya fi a ko'ina ba. Ya ce ne ga waɗannan mutanen, a wannan lokacin, da wannan jikin bidiyon. Mai sayar da raguna gab da Babbar Sallah, ko mai kilishi da ke neman matasa a Fatakwal, ko mai albasa a Onitsha, kowa sai ya gwada nasa. Bai kuma ce tsalle ba shi da amfani ba. Da jikin bidiyon labarin sauke shanu ne daga tirela har a kai su gidan mai saye, wataƙila da tsallen ya riƙe mutane, domin alkawari da cikawa sun dace. Haka nan riƙo ba ciniki ba ne. Mutum na iya kallo har ƙarshe, ya turo saƙo, ya zo kara ya taya, a kasa daidaitawa.

Ƙugiyar farashi tana da nata sharaɗin. Dole kuɗin ya zama na gaskiya, san da aka nuna kuma yana nan a tsaye. In an sayar da shi, a sauya hoton da kuɗin. Mutumin da ya taso daga Lekki ya sha cunkoso, ya iso aka ce masa ai wancan ya tafi, ga wani na miliyan ɗaya da ɗari biyu, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa wasu. Abin da muka daidaita da Baba shi ne, kuɗin da aka rubuta na sa ɗaya ne tak da aka ware, sauran kuwa ciniki a buɗe yake yadda aka saba.

Ƙugiya kuma tana tsufa. Ka riƙa duba lambar Frequency, wadda ke nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar a matsakaici. In tana hawa, lissafin tsayarwa kuma yana sauka, to ido ya saba da ita, lokacin sabuwa ya yi. A nan sai wadda ta ci ta zama zakara, ka kawo mata sabuwar abokiyar karawa, ka sake raba mutane gida biyu. Wadda zan kara da ta farashi a gaba tambaya ce da za a rubuta a sakan na farko: baƙi nawa kake sa ran ciyarwa? Jikin bidiyo ɗaya, kuɗi ɗaya, kwana bakwai, sannan a koma kan lambar sakan 15 a ga wadda ta kai mutane can.